Yadda aka laƙaba mini suna Mai Ɗigo

A ofishinmu har yau akwai waɗanda ba su san sunana na yanka ba, Mai Ɗigo kawai suke kirana. Sababbin ma'aikata sukan zaci wani tabo ne a fuskata, har na taɓa kama wata 'yar bautar ƙasa tana satar kallon goshina. Sunan ya samo asali ne wata ranar Alhamis a watan Disamba na 2018, lokacin ina ƙaramin akawu ɗan mataki na huɗu a sashen kuɗi na wata hukumar jiha da ke gina azuzuwa. Ko shekara ban cika da kama aiki ba. Mafi ƙarancin albashi a wancan lokaci naira dubu 18 ne, nawa kuma bai ba shi wata tazarar a-zo-a-gani ba, don haka miliyoyin da nake rubutawa kullum ba su taɓa zame mini kuɗi a zuciya ba. Lambobi ne kawai da ake kwafowa daga wannan takarda zuwa waccan.

Aikina shi ne rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi. Wanda bai san ofis ba zai ɗauka babban aiki ne, alhali kafin fayil ya iso teburina an gama yanke komai. Ɗan kwangila ya rubuto takardar neman biya, injiniya ya je ya duba aiki ya ba da satifiket, daraktan ayyuka ya yi minit, shugaban hukuma ya amince, daraktan kuɗi ya turo wa akanta, akanta ya rubuta a biya ya miƙo mini. Ni sai in cike sunan kamfani da lambar asusunsa da adadin kuɗi a lamba da kuma a kalmomi, in cire haraji, in kai wa mai duba bauca, daga nan ta wuce wurin odita, sannan a aika banki. Ba wanda ya taɓa cewa aikina ne in tambayi ko kuɗin daidai ne. Nawa in kwafa da kyau, kada in yi goge-goge.

Teburina yana jikin na wani dattijo da duk ofis ke kira Baba, babban akawu, saura masa 'yan watanni ya cika shekara 35 a aiki ya yi ritaya. Tun zamanin manyan littattafan lissafi masu bangon kwali yake wurin. Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a kanta: duk jerin lambobin da aka ajiye masa, ko kwamfuta ce ta fitar, sai ya ɗora rula a ƙarƙashin layin farko, ya riƙa zamewa ƙasa yana haɗawa, in ya kai ƙarshe ya sake hawowa daga ƙasa zuwa sama. Kastin yake ce masa. Satina na farko ya ce da ni: "Yaro, jimlar da ka gani a ƙasan takarda labari ne aka ba ka. Ba ka san gaskiyarsa ba sai ka haɗa da hannunka." Na ce to, Baba, amma a raina ina ganin tsufa ne ke damunsa.

Disamba wata ne da ba a numfashi a sashen kuɗi. Ana rufe littattafan shekara ranar 31, duk ɗan kwangilar da ba a biya ba kafin nan sai ya shiga sahun bashi, ya jira sabon kasafi, wani lokaci har damina. Saboda haka barandarmu cike take da su, manyan riguna da hular sanyi, kowa na riƙe da waya yana tsare masinja da tambaya. Ranar ina da fayil goma sha wani abu a gabana. Na bakwai ko na takwas shi ne na wani Alhaji da ya gina bulok uku na azuzuwa da ofis da banɗaki a wata makarantar firamare ta karkara, a kan naira miliyan 64, ban da harajin kaya da ake lissafawa a layinsa daban.

Kwangilar irin wadda ake biya mataki-mataki ce. Ba a auna kowane aiki a biya, an dai yanka kuɗin gida bakwai tun farko, aka jera su a wani jadawali da ke maƙale a bayan yarjejeniya, kowane mataki da abin da za a bayar in an kammala shi. An rubuta kuɗin a miliyoyi don a taƙaita. Har yanzu ina iya zana shi da ka:

Kafin alƙalami: 9.60
Fandisho zuwa difisi: 12.80
Jera bulo zuwa linta: 11.20
Rufi da silin: 14.08
Filasta, daɓe, ƙofofi, tagogi da fenti: 11.84
Aikin waje: 12.8
Kuɗin riƙo: 3.20
Jimla: 64.00

Kafin alƙalamin, wato kuɗin fara aiki, kashi 15 cikin ɗari ne, daidai da iyakar da dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta sa a wancan lokaci, kuma a wannan kwangilar an ƙirga shi a matsayin mataki na farko, ba sai an riƙa zaftare shi daga sauran biyan ba. Kuɗin riƙo kuwa kashi 5 ne da ake dannewa har wata shida bayan miƙa gini, don in bango ya tsage ko rufi ya yi yoyo a sami abin da za a ja ɗan kwangila da shi ya dawo ya gyara. An riga an biya biyar na farko. Wanda ke gabana shi ne na shida, aikin waje. Satifiket ɗin injiniya ya ce an kammala, ya sa naira 12,800,000. Duk minit ɗin da ya biyo baya adadin nan ya maimaita.

Na riga na rubuta lambar a bauca, na fara rubuta ta a kalmomi, sai na ɗaga kai in tabbatar ban tsallake sifili ba. Ba zan yi ƙarya in ce wata basira ce ta zo mini ba. Idona ne kawai ya ƙi kwanciya da layin. Duk sauran lambobin suna da guda biyu bayan ɗigo, sun jeru reras kamar sahun salla, wannan ɗaya ce ta gutsure, 12.8, ta bar gurbi a gefen dama. Ga kuma 12.80 a sama, a layin fandisho, da sifilinta. Na ce to me ya sa mai bugawa ya sa wa waccan sifili ya hana wannan? Abin da ya fara zo mini shi ne ganda ce, ba komai. Na koma kan baucata. Sai kuma na ji ba zan iya ci gaba ba, na jawo kalkuleta, na ari rular Baba ba tare da na tambaye shi ba.

Na haɗa, ta ba ni 75.52. Na ce na danna wani abu sau biyu. Na share, na hawo daga ƙasa kamar yadda yake yi, 75.52 ta sake fitowa. Jadawalin da ya ce jimlarsa miliyan 64 ce, layukansa sun haura da miliyan 11.52.

Na tura wa Baba takardar a hankali, na ce, "Baba, don Allah duba mini nan, ko kalkuletata ce ta sami matsala." Bai ce komai ba, ya gyara tabarau, ya yi kastin ɗinsa sau biyu. Sannan ya tambaye ni bambancin nawa ne, na faɗa masa. Ya ce in raba shi gida tara. Na raba, sai ga 1.28.

"To nemo mini inda ɗaya da biyu da takwas suke zaune tare."

A wurin ya koya mini abin da har yau nake koya wa duk yaron da aka ajiye kusa da ni. In ɗigo ya zame gurbi ɗaya, lambar ta ninka sau goma ke nan, ko ta ragu sau goma. Ninki goma kuwa in ka cire na asali guda, saura tara. Don haka duk bambancin da zamewar ɗigo ya haifar ninki tara ne na ƙaramar lambar, kana raba shi da tara za ta fito da kanta. In gurbi biyu ya zame, da 99 za ka raba. Haka ma in hannu ya juya lambobi biyu, aka rubuta 45 a maimakon 54, bambancin tara na raba shi ba saura. Amma Baba ya ja mini kunne cewa dabarar nuni take yi, ba hukunci take yankewa ba. In kuskure biyu ne suka haɗu a jeri ɗaya ba za ta nuna maka komai ba, kuma wani bambancin yakan rabu da tara bisa dace kawai. Ga shi ma a gabanmu layi biyu ne ke ɗauke da lambobin nan, fandisho da aikin waje. Lissafi kaɗai ba zai gaya maka wanne ne mai laifin ba.

Sai muka buɗe can ƙasan fayil, inda kundin ƙiyasin aikin yake, wanda jami'in ƙiyasi ya tsara kafin a ba da kwangila, takardun har sun fara ja saboda ƙura. Fandishon bulok uku, da haƙa da kankare da rodi da ciko, miliyan goma sha biyu da ɗoriya ba abin mamaki ba ne. Aikin waje kuwa me da me? Sokawe ɗaya, matattakala da gangaren keken guragu a bakin kowane bulok, 'yar kwata a gindin bango, sai kwashe ɓaraguzai da share fili. Babu katanga, babu rijiyar burtsatse. A ƙasan shafin an rubuta 1,280,000. Kashi biyu cikin ɗari na miliyan 64 cif. A jadawalin jami'in ƙiyasi na asali ma akwai layin kaso a gefe, wanda da an bar shi da kowa ya ga 2 zaune kusa da 12.8 ya tsaya. Wurin sake bugawa don a haɗa da yarjejeniya aka cire layin kason saboda takardar ta ɗauke shi a shafi ɗaya, aka buga jimlar da hannu kamar yadda aka buga sauran.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba ɗigon ba ne, lissafin da Baba ya sa ni na yi bayan nan ne. Ya ce in tara abin da aka riga aka biya. Biyar ɗin farko sun kama miliyan 59.52, wato abin da ya rage wa Alhaji a duk kwangilar, har da riƙo, miliyan 4.48 ne. Ni kuma ina shirin rubuta masa 12.8. Da baucar ta wuce, da an biya shi miliyan 72.32 a kan aikin miliyan 64, ga riƙo bai ma karɓa ba. Kuma da an farga daga baya, abin da ke hannun hukuma na kamawa miliyan 3.20 ne kacal, a kan rarar miliyan 11.52. Sauran sai roƙo ko kotu. Ga haraji: kashi 5 da ake cirewa daga tushe da ya tashi 640,000 maimakon 64,000, harajin kaya ma, wanda kashi 5 ne a lokacin kafin a mayar da shi 7.5 a 2020, haka zai ninka. Kuɗin da ya riga ya shiga asusun haraji kuwa, duk akanta ya san dawo da shi ba aikin sati ɗaya ba ne.

Akwai littafin da aka tanada don hana irin wannan, rajistar kwangila, inda kowace kwangila ke da shafinta, a rubuta jimlarta a sama, duk biyan da aka yi a cire a nuna saura. Namu an bar shi a baya da wata biyu saboda mai riƙe shi ya tafi kwas ba a ba kowa ba. Littafin kasafi kuma ba zai yi ƙara ba, domin kan kuɗin gina azuzuwa guda ne ga makarantu da yawa, akwai sauran kuɗi a ciki fiye da abin da ake nema.

Gano abin bai kai minti ashirin ba. Faɗarsa ce ta zama aiki. Sa hannu biyar ne a kan adadin nan, kowanne mai shi zai iya sa a kore ni da takarda ɗaya, ga shi ba a ma tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Na ce, "Baba, ko kai za ka kai?" Ya girgiza kai. Ya ce shi tafiya zai yi, ni zan zauna, gara su san fuskata tun yanzu. Amma ya ba ni sharaɗi uku a tsaye: kada in tsallake akanta in tafi sama, kada in furta kalmar kuskuren wane, kuma kada in je da baki kawai. Ya sa na ɗauki farar takarda na jera layukan bakwai, na nuna jimlar da na samu, da shafin kundin ƙiyasi, da saura 4.48, na sa kwanan wata da sunana, na yi kwafi na ninke na sa a aljihu.

Akanta yana waya lokacin da na shiga, mutum uku na zaune suna jiransa. Na tsaya a gefe har ya ajiye.

"Ka gama ta Alhaji? Tun safe yake nan."

"Yallaɓai, akwai wani wuri ne da ban gane ba, na ce in kawo ka nuna mini."

"Me za ka gane? An ce ka rubuta bauca, ba an ce ka yi odit ba. Shugaba ya sa hannu, kai wa?"

Bakina ya bushe, ba na hunturu ba. Na dai ajiye takardar a gabansa na ce, "Yallaɓai, jimlar ce ta ƙi fito mini." Ya ja tsaki, ya jawo tasa kalkuletar mai fitar da takarda, ya fara dannawa da sauri irin na mai son ya kunyata ka ya huta. Na ga yatsansa ya tsaya. Ya yage takardar, ya sake. Sai ya dubi baƙin nan ya ce su ɗan ba shi wuri. Da suka fita ya tambaye ni wa da wa na gaya wa, na ce Baba kaɗai. Ya ɗauki fayil ɗin ya ce in biyo shi.

A ofishin daraktan kuɗi ban yi magana ba, ba a kuma nemi in yi ba. Akanta ya yi bayani, ya ce "mun lura", ni ina tsaye a bakin ƙofa hannu a baya. A lokacin abin ya sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Darakta ya kira injiniya, injiniya ya ce shi aiki ya duba, kuɗi daga jadawali ya ɗauko. Daraktan ayyuka ya ce satifiket ya bi. Kowa gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan: babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa dai ya jingina da wanda ke gabansa, har aka iso kan ɗan mataki na huɗu.

Gyaran bai zo da sauƙin da na zata ba. Ni a tunanina biro za a sa a mayar da ɗigo wurinsa. Lauyar hukuma ta ce a'a, jadawalin nan ɓangaren yarjejeniya ne da ɓangarori biyu suka sa wa hannu, ba mai taɓa shi shi kaɗai. Abin da ya taimaka shi ne takardar ba da kwangila da jikin yarjejeniyar duk sun rubuta naira miliyan sittin da huɗu a lamba da kalmomi, jimlar jadawalin kanta 64.00 ta ce, kundin ƙiyasi kuma ya nuna 1,280,000. Layi ɗaya ne ya saɓa wa takardu huɗu. Ta rubuta ƙarin yarjejeniya mai shafi ɗaya da ke cewa a karanta layi na shida a matsayin 1.28, aka kira Alhaji ya sa hannu, injiniya ya janye satifiket ɗinsa ya ba da sabo, aka soke baucata da layi biyu aka maƙale ta a fayil, domin bauca ba a yaga ta. Duk wannan ya ci kwana shida. Na rubuta sabuwa: 1,280,000, a cire 64,000, Alhaji ya tashi da 1,216,000. Ya samu kafin a rufe shekara, da ƙyar.

Mutane sukan tambaye ni ko da gangan aka yi. Na daɗe ina juya abin. Takardar da Alhaji ya rubuto ba ta ambaci adadi ba, cewa kawai ta yi a biya shi kuɗin mataki na shida kamar yadda yake a jadawali, alhali a guda biyar ɗin baya duk ya sa lamba. Mutumin da ya sayi kowane buhun siminti da kuɗinsa ya san sokawe da matattakala ba su ci miliyan goma sha biyu ba. Ra'ayina shi ne ba shi ya matsar da ɗigon ba, amma ya gan shi ya yi shiru, ya bar wa Allah da ofis. Shi kuwa ɗigon, na fi yarda zamewar yatsa ce. Mai son sata da tsari ba zai bar jimla tana tona masa asiri a ƙasan shafi ba, kuma zai ƙara sifilin nan don layin ya yi kama da 'yan uwansa. Lambobi uku aka gani, lambobi uku aka buga, ɗigo ne ya riga ko ya makara.

Wadda ta kwashi kashin a hannu ita ce mai buga takardu ta sashen ayyuka, wata baiwar Allah mai 'ya'ya huɗu da ta buga jadawalin wata goma sha huɗu kafin nan. Ita kaɗai aka ba takardar tuhuma. Ba a tambayi wanda ya karanta bayanta ba, domin babu wanda ya karanta. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Ranar na uku na same ta a ofishinta na ce, "Anti, wallahi ban san ke kika buga ba, kuma ban kira sunan kowa ba." Ta ce ta sani, ba da ni take ba. Baba ne ya zauna ya taya ta tsara amsa, ya sa ta rubuta cewa an ba ta umarnin cire layin kaso, kuma ba a dawo mata da takardar don gyara ba. Aka tsaya a gargaɗi. Wannan ɓangaren labarin ba na jin daɗin tuna shi, kuma shi ya sa in ana kirana Mai Ɗigo a gabanta nakan kawar da zancen.

Ni kuma ba a ba ni komai ba, in ban da aiki. Babu takardar yabo, babu ƙarin girma. Sati na gaba akanta ya turo mini rajistar kwangila ya ce daga yau ni ke riƙe ta, in cike wata biyun da aka bari. Na yi kwana tara ina bin baucoci ɗaya bayan ɗaya. A ciki na sake samun wani, wannan karon a kan ɗan kwangila ya faɗa: an cire wa wani mai yin bencina harajin 87,500 a inda ya kamata a cire 8,750, bawan Allah bai ma sani ba. Bambancin 78,750 ne, na raba da tara, 8,750 ta fito, na yi dariya ni kaɗai a ofis. Tun daga nan ba na fara bauca sai na buɗe shafin kwangilar na ga saura nawa, kuma duk jadawalin da aka taƙaita a miliyoyi sai na warware shi da cikakkun sifilansa a gefe da fensir. 1,280,000 da 12,800,000 in suna tsaye ɗaya a kan ɗaya, tsawonsu ma ya isa ya nuna maka, ba kamar 1.28 da 12.8 ba.

A gida ban ba da labarin ba sai bayan an gama. Mahaifiyata ta saurara har ƙarshe, ba ta tambayi miliyan nawa ba ne. Cewa ta yi, "Shi mai kwangilar ya san fuskarka?" Na ce ban sani ba. Ta ce in daina dawowa bayan magariba.

Ya sani kuwa. A watan Yuli na 2019 ya zo karɓar riƙonsa, bayan injiniya ya koma ya duba ginin ya sa shi ya gyara silin aji biyu da ruwa ya ɓata. Baba ya riga ya yi ritaya, ni ke zaune a teburinsa. Alhaji ya leƙo, ya tsaya a kaina yana kallona, ya ce, "Kai ne Mai Ɗigon?" Na miƙe na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Ya yi murmushin da har yau ban san fassararsa ba, ya ce, "To wannan karon duba da kyau, kada a rage mini." Na ce in sha Allahu. Ya ja kujera ya zauna, ya ce ba ya sauri. Na buɗe rajista a gabansa, na ɗora rula, na haɗa biya shida suka ba ni 60,800,000, na hawo daga ƙasa suka sake ba ni haka. Na juya masa littafin ya ga saura 3,200,000. Ya ciro tabarau daga aljihun gaba, ya bi layin da yatsa yana ƙirga sifilan a hankali, sannan ya ce in rubuta.